Kundin aiki: zaƙulo saƙonnin imel da ke jiran amsarmu

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Kakar zoɓo da riɗi ta kusa, kuma akwatin imel na ofishinmu ya cika maƙil. Mutum uku ne muke amfani da adireshi ɗaya na Gmail: ni, da Malama mai kula da takardun fitar da kaya, da Alhaji mai kamfanin, wanda yakan duba a wayarsa. Aikin da na sa a gaba shi ne kafin kaya su fara shigowa sito, mu samu hanyar da kowace safiya za mu ga saƙonnin da ake jiran amsarmu a kansu, kuma mu san wanne za a fara da shi.

Yau na tabbatar da cewa lissafin saƙonnin da ba a buɗe ba ba zai taimaka ba. Binciken `is:unread` ya fito da tallace-tallace da sanarwar banki kusan zalla. Saƙonnin da suke damuna duk an buɗe su. Alhaji ya karanta a mota ya ɗauka Malama za ta amsa, Malama ta ga an riga an buɗe ta ɗauka an amsa. Da zarar baƙin rubutun nan ya dushe, saƙon ya saje da dubban 'yan'uwansa, mai tambaya kuwa yana can yana jira.

Gmail yana da abin tuni da ake kira Nudges tun 2018, wanda yakan ɗago tsohon saƙo sama ya ce ko za a amsa. Yana da amfani, amma shi ke zaɓar wanda zai ɗago, ba ya ba da cikakken jeri. Ni kuwa cikakken jeri nake so.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gwada wannan a gurbin bincike:

```
in:inbox -from:me newer_than:90d
```

A ido kamar ma'anarsa ita ce “nuna min inda ban yi magana ba”. Ba haka yake aiki ba. Gmail yana auna sharaɗin a kan saƙo ɗaya-ɗaya, sannan ya nuna zaren hirar gaba ɗaya idan ko saƙo ɗaya ya dace. Duk zaren da wani ya taɓa rubuto mana a cikinsa zai fito, ko da mun amsa shi tun tuni. A cikin kalmomin binciken Gmail babu wadda ke nufin “ba a amsa ba”.

Tambayar da ta dace ke nan: a kowane zare, wa ya yi magana ta ƙarshe? Idan mu ne, jira ya koma wajensu. Idan su ne, mai yiwuwa bashin amsa yana kanmu. Bincike ba zai iya wannan ba, sai an buɗe zaren an duba ƙarshensa. Saboda haka na koma Apps Script, inda ake rubuta ƙaramin shiri da zai shiga akwatin da izinin mai shi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ofis shiru yau, na samu na zauna. Na ƙirƙiri lakabi mai suna `jiran-amsa`, na rubuta wannan:

```
function duba() {
  const namu = GmailApp.getAliases()
    .concat(Session.getEffectiveUser().getEmail())
    .map(a => a.toLowerCase());
  const lakabi = GmailApp.getUserLabelByName('jiran-amsa');
  GmailApp.search('-from:me newer_than:90d', 0, 100).forEach(z => {
    const s = z.getMessages().filter(m => !m.isDraft());
    const daga = s[s.length - 1].getFrom().toLowerCase();
    if (namu.some(a => daga.includes(a))) z.removeLabel(lakabi);
    else z.addLabel(lakabi);
  });
}
```

Abubuwa uku a cikinsa suna da dalili. Na cire `in:inbox` da gangan, domin a waya jan saƙo gefe da yatsa yakan kai shi ma'ajiya, kuma saƙon da ya tafi can ba tare da amsa ba shi ne ya fi saurin ɓacewa. Na tace daftari da `isDraft()`, domin amsar da aka fara rubutawa aka bari tana zaune a cikin zaren da sunanmu, alhali ba ta je ko'ina ba. Sannan na haɗa da `getAliases()`, tunda wani lokaci muna aikawa da adireshin sashen ciniki daga wannan akwatin, kuma idan shirin bai san namu ba ne zai ɗauke shi baƙo.

Google yana yanke duk shirin da ya wuce minti 6 yana gudana, kuma bincike ɗaya ba ya dawo da zare fiye da 500. Don haka na bi su ɗari-ɗari, ina canza lambar farawa daga 0 zuwa 100 zuwa 200. Zare 1,140 ne a cikin kwana 90, kuma 412 suka samu lakabin. Wannan adadi ya fi ƙarfin a kira shi jerin aiki, amma aƙalla yanzu na san inda zan tona.

Talata, 14 ga Oktoba

Na karanta ɗari na farko da idona. Mafi yawansu ba mutum ne ya rubuta su ba: rasit, sanarwar shigar kuɗi, wasiƙun labaran kasuwa, da saƙon “ba na ofis sai mako mai zuwa”. Hana su ta hanyar jera adireshi aiki ne marar ƙarewa. Gara a duba kanun saƙon, wato layukan da ke ɓoye a samansa, waɗanda ake gani idan aka danna `Show original`.

Kanu uku sun wadatar da ni. Saƙon da inji ya aiko da kansa ya kamata ya ɗauki `Auto-Submitted`, bisa ƙa'idar RFC 3834 ta 2004, kuma duk ƙimar da ba `no` ba tana nufin babu hannun mutum. Wasiƙun da ake rabawa jama'a suna ɗauke da `List-Unsubscribe`, wanda ya samo asali tun 1998, kuma tun 2024 Gmail ya wajabta wa masu aika saƙon talla da yawa su sa hanyar ficewa, don haka da wuya a rasa shi a irin waɗannan. Na ukun tsohuwar al'ada ce, `Precedence: bulk`.

```
function naInji(m) {
  const a = (m.getHeader('Auto-Submitted') || 'no').toLowerCase();
  return a !== 'no'
    || !!m.getHeader('List-Unsubscribe')
    || /bulk|list|junk/i.test(m.getHeader('Precedence') || '');
}
```

Yadda ake amfani da shi yana da muhimmanci. Ba zaren ake jefarwa ba idan an ga saƙon inji a ciki. Saƙon injin kaɗai ake tsallakewa, a koma baya a nemi na ƙarshe da mutum ya rubuta. Misali, mun aika wa mai saye farashi, injinsa ya amsa cewa yana hutu. Idan aka tsallake wannan, mu ne muka yi magana ta ƙarshe, kuma haka ne gaskiyar lamarin. Da wannan gyara jerin ya sauko daga 412 zuwa 96.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Kwana biyun nan ban damu da abin da ke cikin jerin ba, na damu da abin da ya fita daga cikinsa. Saƙon banza a jeri ɓata lokaci ne kawai, ana gani a wuce. Saƙon gaske da shirin ya ce an amsa alhali ba a amsa ba, shi ne babu mai sake waiwayarsa. Sai na ɗauki zare 60 daga waɗanda ba su da lakabi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na samu ramuka biyu, kuma duka biyun masu zurfi ne.

Na farko turawa ce ta cikin gida. Wani mai saye ya rubuto ranar 2 ga wata yana neman kwafin takardar shaidar feshin kaya. An tura saƙon zuwa ga ejen ɗinmu na Legas da `Forward`, aka rubuta “a duba wannan”. Gmail ya ajiye turawar a cikin zare ɗaya, daga adireshinmu, don haka shirin ya ga mu ne na ƙarshe ya cire lakabi. Mai sayen kuwa ko harafi ɗaya bai samu ba, mako biyu ke nan. Gyaran shi ne kada a ƙirga saƙonmu a matsayin amsa sai idan adireshin mai tambayar yana cikin `To` ko `Cc` na saƙon. Yanzu shirin yana nemo saƙo na ƙarshe da wani mutum na waje ya aiko, ya ciro adireshinsa, sannan ya duba ko akwai saƙonmu bayansa da ya nufi wannan adireshin. Idan mai tambayar ya sa `Reply-To` daban, shi ma ana karɓarsa, tunda can amsa take zuwa idan aka danna maɓallin amsawa.

A nan sai wata ƙura ta taso: idan ejen ya amsa turawar a cikin zaren, shi ne zai zama mutum na ƙarshe, mai saye ya sake nutsewa. Don haka na sa shirin ya bi kowane mutum na waje da ya yi magana a zaren, ba na ƙarshe kaɗai ba. Duk wanda saƙonsa na ƙarshe bai samu wani namu a bayansa ba, zaren yana nan a jeri.

Rami na biyu sabuwar matatar saƙon inji ce ta haifar da shi. Idan amsarmu ta kasa isa, ko don akwatin mutumin ya cika ko don an yi kuskuren harafi a adireshi, sanarwar tana dawowa daga `mailer-daemon`. Ita ma saƙon inji ce, don haka aka tsallake ta, zaren ya zama kamar an amsa lafiya. Na ware ta: duk zaren da sanarwar dawowa ta biyo bayan saƙonmu yana samun lakabin `bai-isa-ba`, kuma wannan lakabin gaba yake da komai.

Na rubuta wa mai neman takardar feshin da yammar nan, na haɗa masa kwafin.

Litinin, 20 ga Oktoba

Cikin waɗanda suka rage, kusan rabi “na gode” ne, ko “mun gani”, ko “sai mun ji daga gare ku”. Na yi tunanin sa shirin ya gane su ta gajartarsu, na fasa. “Mun gode, yaushe kaya za su tashi?” shi ma gajere ne, kuma tambaya ce da ke buƙatar amsa. Wannan hukunci na mutum ne.

Abin da muka tsayar ni da Malama: wanda ya karanta saƙo ya ga ba ya buƙatar amsa, ya danna masa tauraro. Na zaɓi tauraro maimakon lakabi saboda tauraro a kan saƙo guda yake zama, kuma `isStarred()` yana duba saƙon ne kai tsaye. Idan mutumin ya sake rubutowa gobe, sabon saƙon zai zo babu tauraro, zaren ya dawo jeri da kansa. Da lakabin “an rufe” muka manna wa zaren, shirin zai ci gaba da ganinsa a rufe duk abin da ya biyo baya. Sharaɗin kawai shi ne mu daina amfani da tauraro don wani abu dabam, kuma Alhaji ya yarda.

Bayan mun gama danne-danne, zare 37 suka rage. Waɗannan su ne bashin gaske.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Yanzu sai jerawa. Na fara da duba ko masu aikowa za su taimaka mana da kansu. Na nemi `subject:urgent` a cikin jerin, na kuma duba kanun `X-Priority` da `Importance`. Abin da na gani shi ne mai aikowa ne yake sa waɗannan alamomi, don haka gaggawarsa suke nunawa, ba tamu ba. Dillalan da ba mu taɓa ciniki da su ba su ne suka fi yawan amfani da su. Abokan hulɗarmu na shekaru kuwa sukan rubuta abu mai wa'adin gobe cikin layi biyu marasa ihu.

Ma'aunin da na tsayar tambaya biyu ce ga kowane saƙo: me za mu rasa idan ba mu amsa ba, kuma yaushe ƙofar za ta rufe? Daga nan lakabi uku. `1-yau` na abin da ke da wa'adi cikin awa 24 ko wanda ya tsayar da kaya ko kuɗi. `2-gobe-jibi` na ciniki mai rai da ba shi da wa'adi a rubuce. `3-mako` na sauran.

Ga yadda ta kasance da safiyar yau, da saƙo huɗu a gabana.

Na ɗaya daga ejen ɗin Legas, ya iso jiya da yamma, kansa `Draft B/L` kawai. Daftarin takardar jigilar jirgin ruwa ne, yana so mu tabbatar da sunan mai karɓa da nauyin kaya kafin ƙarfe 12 na ranar yau. Idan lokacin ya wuce, gyara sai da biyan kuɗi, kuma kuskure a wannan takarda yana iya riƙe kwantena a tashar da za ta sauka. Babu kalmar gaggawa ko ɗaya a ciki. Shi ne na farko, kuma Malama ta gama da shi kafin ƙarfe 10.

Na biyu daga mai sayen zoɓo a Meziko, yana tambayar farashin kwantena biyu. Ya iso ƙarfe 11 na dare agogonmu. Ciniki ne babba, kuma zuciya tana so a fara da shi. Amma birnin Meziko yana bayanmu da awa 7, wato ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 4 na yammarmu ne. Amsar da muka aika ƙarfe 8 na safe da wadda muka aika ƙarfe 3 na rana lokaci ɗaya zai gan su. Saboda haka ya shiga `1-yau`, amma wa'adinsa na gaske ƙarfe 4 ne, kuma wannan ya ba Alhaji sarari ya ji farashin kasuwa na yau kafin mu faɗi namu.

Na uku yana ɗauke da `URGENT` da manyan baƙaƙe, da sunan wani da muke biya kuɗin sufuri, yana cewa sun canza asusun banki, a tura kuɗin yau. Da na buɗe `Show original` sai na ga adireshin `Reply-To` ba nasu ba ne, harafi ɗaya ya bambanta. Irin wannan ba a amsa shi ta imel ko kaɗan. An kira mutumin a lambar da muke da ita tun da, ya ce bai aiko komai ba.

Na huɗu ɗan ƙaramin mai saye ne da ya nemi samfurin riɗi, kwana 9 ke nan. Babu wa'adi, babu babban kuɗi. Irinsa ne kullum ake cewa gobe, domin kowace safiya akwai wanda ya fi shi zafi. Saboda shi na ƙara doka ɗaya da shirin zai iya aiwatarwa ba tare da ya fahimci komai ba: saƙon `3-mako` da ya cika kwanakin aiki 5 ya hau `2-gobe-jibi`, na `2-gobe-jibi` da ya cika kwanakin aiki 2 a wannan matakin ya hau `1-yau`. Ba a ƙirga Asabar da Lahadi.

Rabon aikin ke nan. Shirin yana nemowa, yana ƙirga kwana, yana ɗaga tsoho sama. Sa lakabin farko kuwa aikin wanda ya karanta ne, minti goma zuwa sha biyar da safe.

Talata, 28 ga Oktoba

Na sa shirin ya riƙa tashi da kansa duk awa ɗaya ta `Triggers`. Akwatin Gmail na kyauta yana da iyakar minti 90 a rana na irin wannan gudu, don haka ba ya sake bin kwana 90 kowane zagaye. Abin da yake dubawa yanzu:

```
label:jiran-amsa OR newer_than:2d
```

Ɓangaren farko yana cire lakabi daga waɗanda aka amsa, na biyu yana kamo sababbi. A saitin akwatin kuma na kunna `Multiple inboxes`, na ba `bai-isa-ba` da lakabi ukun nan sashe-sashe, su ne farkon abin da ido zai gani a kwamfuta. A manhajar waya wannan tsari ba ya fitowa, sai dai a buɗe lakabin daga jerin gefe, na nuna wa Alhaji inda yake.

A nan ne muka yi maganar amsar waya. Zare shida a jerin, Alhaji ya ce ai ya gama da su tuni, wasu ta kira wasu ta WhatsApp.

Na ce, “Ranka ya daɗe, akwatin bai san an yi wayar ba. Ko dai a danna tauraro, ko kuma a bi da layi biyu a rubuce.”

Ya ce, “Wanne ya fi?”

Na ce idan maganar ta shafi farashi ko nauyi ko ranar lodi, rubutun ya fi, domin ranar da aka samu saɓani shi za a buɗe. Ya ce in ya gama waya zai riƙa gaya wa Malama abin da aka tsayar ta rubuta.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Jerin ya tsaya tsakanin zare 8 zuwa 14 kowace safiya, kuma babu wanda ya haura kwanakin aiki 7. Na sake ɗaukar zare 60 marasa lakabi na bi su da ido kamar ranar 16 ga watan jiya. Turawa da saƙon da ya dawo ba su sake zillewa ba. Wasu abubuwa biyu ne suka bayyana.

Ɗaya ya shafi sanarwar kamfanin jiragen ruwa cewa an matso da ranar rufe karɓar kwantena. Inji ne ya aiko ta daga adireshin da ba a amsa masa, don haka matatar saƙon inji ta yi daidai da ta ce ba ta buƙatar amsa. Amma tana buƙatar a tashi tsaye. Na yi mata matatar Gmail ta daban bisa adireshin masu aiko irinta, da lakabin `a-duba`, na ba ta sashe na biyar, wanda shi ne na ƙarshe da `Multiple inboxes` ke bari.

Ɗayan ya fi wuya. Tunda muka fara ganin jerin, mun yawaita rubuta “mun samu saƙonku, za mu dawo muku da bayani”. Amsa ce mai kyau, tana kwantar wa mutum da hankali. Amma a wajen shirin an amsa ke nan, lakabi ya fita, alhali ainihin abin da aka tambaya yana nan ba a bayar ba. Na samu uku irin wannan, ɗaya tun ranar 24 ga Oktoba, mai saye yana jiran sakamakon gwajin danshin riɗi.

A yanzu duk wanda ya rubuta irin wannan amsa zai danna `Snooze` ya zaɓi ranar da ya yi alkawari, zaren ya dawo saman akwati a ranar. Wannan ya dogara da mutum ya tuna ya danna, don haka ban gamsu da shi ba tukuna. Abin da zan gwada a makon nan shi ne lakabin `alkawari`, wanda shirin ba zai cire ba sai ya ga saƙonmu na biyu zuwa ga mutumin, kuma zai riƙa ƙirga masa kwana yana ɗaga shi sama kamar sauran. Malama ta karɓi sakamakon gwajin danshin daga ɗakin gwaji da rana, ta aika wa mai sayen kafin a tashi.